Yaro na zuba surori da ka, amma bai san baƙi ba: ya zan yi da iyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da yara 30 karatun Larabci da ɗan abin da ya sauwaƙa na addini da yamma, iyaye na biyan ɗan kuɗin wata. Wata uku ke nan ƙananan suna kan baƙi da wasali. Yanzu an fara cire min yara ana kai su wurin wani da ya ce a wata shida zai sauke musu. Wallahi hankalina ya tashi, don da wannan kuɗin nake rufa wa kaina asiri. Ni ma in bar baƙin nan in shiga ba su surori?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bar baƙin. Wata uku a kan baƙi da wasali ga yaron da ke zuwa da yamma a gajiye ba jinkiri ba ne. Wanda kuwa ya yi alkawarin sauka a wata shida, ka yi masa lissafi: izu 60 a wata shida, izu goma ke nan kowane wata, ga yaron da bai bambance ba da nun ba. Ko shi malamin ya san ba karatu zai koyar ba. Biyawa zai riƙa yi, yara na amsawa, ana juya shafi.

Abin da ke cin makarantun yamma shi ne iyaye, har da malamai da dama, sun ɗauka yaron da ya buɗe Alƙur'ani, ya ɗora yatsa, ya zuba sura da murya mai daɗi, to ya iya karatu. Ina ganin wannan kusan kullum, kuma na gaji da shi. Kunnen yaro ya fi idonsa sauri nesa ba kusa ba. In ya ji sura sau goma a bakin 'yan aji, ta zauna. Yatsan nan da yake ja a kan layi ado ne kawai, yana tafiya ne da saurin bakinsa. Hadda alheri ce, ba na raina ta. Amma hadda daban, karanta rubutu daban, kuma in ta riga ta yi nisa takan rufe gurbin har shekaru ba wanda ya lura.

An taɓa kawo min yaro ɗan shekara takwas, mahaifinsa na alfahari ya kai Walluha, wato surori 22 daga Nasi. Na buɗe masa Alam Nashraha, na nuna kalmar farko, na ce "alam". Nan take ya kama "tara kaifa fa'ala rabbuka", ya zarce da Suratul Fili har ƙarshe, yatsansa na bin layin wata sura daban. Sai na rubuta masa baƙaƙe uku a allo, kaf da ta da ba, na sa musu fataha duka. Shiru. Da na faɗa masa "kataba" ya maimaita, sai na goge wasullan, na sa wa kaf rufu'a, ta kisira, ya zama "kutiba". Ya dube shi ya ce "kataba". Mahaifin ya yi shekara biyu yana biyan kuɗin wata a kan wannan.

Kada wani ya ce ai ƙaramin abu ne. Wasali ɗaya ke raba "an'amta" da "an'amtu" a Fatiha: na farko "Ka yi ni'ima", na biyu "na yi ni'ima". Baƙi ɗaya ke raba "ƙul" da "kul": ka ce, da ka ci. Wanda ya dogara da kunne kaɗai, in kuskure ya shige shi ba shi da hanyar gyara kansa, domin littafin da zai duba bai iya karanta shi ba. Haka za ka ga magidanci da furfura, an yi masa walimar sauka tun yana yaro, amma in aka buɗe masa tsakiyar Baƙara sai gumi. Wasu kuma su ce maganin shi ne a rubuta wa yaro ayoyin da haruffan boko. Wannan ƙara dagula lamarin yake, don harafin boko ɗaya ne zai tsaya wa sin da sad da sa mai ɗigo uku, yaron kuma ya daina kallon Larabcin gaba ɗaya.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Ka buɗe shafin da yaro bai taɓa ji ba, ka nuna kalma ɗaya a tsakiyar layi. Ko ka ɗauki ayar da ya haddace ka ce ya karanto kalmominta daga ƙarshe zuwa farko. Mai karatu zai yi, ko da da ƙyar. Mai hadda zalla zai ɗaga ido ya dubi bakinka.

Inda yara suka fi maƙalewa shi ne haɗa baƙi, ba haddace sunayen baƙaƙe 28 ba. Ba da ta da sa da nun da ya, in suka zo farkon kalma ko tsakiyarta, duk haƙori ɗaya ne, ɗigo ne kawai ke raba su. Ka ba wannan mako biyu cur ba tare da jin kunya ba. Sannan baƙaƙe shida da ba sa haɗuwa da baƙin da ke biye da su: alif, dal, zal, ra, zai da wau. Ka kuma duba Alƙur'anin da ke gidan yaron. A rubutun Warshu na Magribi, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. A bugun Hafsu fa ce ke da ɗaya a sama, ƙaf biyu. Yaron da ke koyon ɗaya a wurinka yana tarar da ɗayan a gida zai riƙa rikita fa da ƙaf, a ce masa daƙiƙi alhali ba laifinsa ba ne.

Yara 30 a awa ɗaya da rabi, in ka ce kowa sai ya biya maka shi kaɗai, minti uku-uku ne, babu abin da ya rage na alwala da salla. Ka raba su gida uku gwargwadon matakinsu. Rabin awa na farko kowane rukuni na kan baƙinsa, kana zagayawa, manyan na taya ka da ƙanana. Ka saurari yara goma ɗaya bayan ɗaya kowace rana, ta yadda kowa zai zo gabanka sau ɗaya a kwana uku. Sauran lokacin a yi haddar gajerun surori tare, a rufe da alwala a aikace ko addu'a ɗaya. Ka ga ba a hana su surori ba. Ka dai san a ranka wanne ne hadda, wanne ne karatu, kuma ka rubuta su a shafi daban-daban a rajistarka.

Batun kuɗi kuwa, uba na biya ne duk wata, don haka duk wata yana son ya ji wani abu, kuma sura ita ce abin da kunnensa ke iya aunawa. To ka ba shi wani ma'aunin. Ranar da ya kawo kuɗin wata, ka miƙa masa littafin ƙa'idar da kuke bi, Bagadadi ce ko Nuraniyya, ka ce ya zaɓi layin da ya ga dama cikin darussan da aka wuce, ɗansa ya karanta a gabansa. Ka faɗa masa ƙarara abin da za a kai wata mai zuwa, misali ɗauri da shadda. Wasu duk da haka za su tafi, kada in yaudare ka. In suka dawo bayan wata shidan, kada ka tsaya gori. Ka yi wa yaron gwajin kalma ɗaya a gaban mahaifinsa, ka mayar da shi darasin da ya tsaya.