Bambancin sefa 341 a faktir na yuro: daga ina ya fito?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. An aiko mini faktir na katan 1,200, kowane katan yuro 7.35, an rubuta canji 655.957. Na lissafa na samu sefa 5,785,200, taransiterina kuma ya samu 5,785,541. Wa ya yi kuskure a cikinmu?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Lissafin taransiterinka shi ne daidai, kuma na gane inda naka ya zame, don ni ma na taɓa taka wurin.

Ka fara canza kuɗin katan ɗaya ne. Yuro 7.35 sau 655.957 ya ba ka 4,821.28 da 'yan kai, sai ka ga ai ba mu da wani kuɗi ƙasa da sefa ɗaya, ka zubar da abin da ke bayan ɗigo, ka riƙe 4,821, sannan ka ninka sau 1,200. To wannan ɗan guntun da ka raina, sau 1,200 ka zubar da shi, shi ne ya taru ya zama 341. Shi kuwa ya fara haɗa kuɗin waje ne: katan 1,200 sau 7.35, yuro 8,820 ke nan. Ya ninka da canjin gaba ɗayansa, ya samu 5,785,540.74, sai a nan ƙarshe ya cike shi zuwa 5,785,541. Sau ɗaya ake cikewa, a ƙarshe, kuma idan guntun ya kai rabi a hau sama, in bai kai ba a bar shi.

Za ka ce 341 ko kuɗin adaidaita zuwa babbar kasuwa ne. Gaskiya ne, a wannan faktir. Amma ranar da kayan suka zama ƙanana masu yawa, abin yana cizo. Na taɓa shigo da marfin roba guda 50,000, kowane dalar Amurka 0.085, canjin da ke takardar 604.5. Yaron shagona ya canza guda ɗaya, ya ga 51.38, ya rubuta 51 a littafi. Jimillarsa ta tsaya 2,550,000, alhali dala 4,250 sau 604.5 sefa 2,569,125 ne. Jaka goma sha tara da ɗoriya sun ɓace tsakanin littafi da takardar banki. Har dare ina zaune da fitilar waya a kan faktir ɗin ina zargin mutanen da ba su ci mini ko sisi ba, kuma har yau abin yana damuna.

Tun lokacin, duk sanda lissafi biyu suka saɓa, abu ɗaya nake fara yi: in raba jimillar sefa da jimillar kuɗin waje, in ga wane canji aka yi aiki da shi. Naka, 5,785,200 raba 8,820 zai ba ka 655.918, wanda ba canjin kowa ba ne, alamar an yanke guntu a tsakiyar hanya. Da 656 cif ya fito, da ka san canjin kansa aka cike, kuma a faktir ɗinka hakan ƙarin sefa 379 ne. Yuro ba ya motsi a kan sefa, 655.957 ne tun 1999, saboda haka lambobi ukun nan na bayan ɗigo kada ka bari kowa ya guntule su. Dala ce mai hawa da sauka, ita sai ka duba ranar da aka ɗauki canjin.

Akwai bambancin da ba laifin kowa ba ne. Idan faktir yana da layi goma, aka cike kowane layi daban sannan aka haɗa, kowane layi ba zai kauce fiye da rabin sefa ba, duka ba zai wuce sefa 5 ba. Wannan ka bar shi. Abin da ya haura haka sai a bi sawunsa.

In kana aiki da Excel, ka kula, yana iya nuna maka 4,821 a ido alhali guntun yana ɓoye a ciki. Ka sa cikewar a gidan jimilla kawai. A na Faransanci haka ake rubutawa, B2 yawan kaya, C2 farashi, D2 canji:

```
=ARRONDI(B2*C2*D2;0)
```

Sannan kada ka ɗauki 5,785,541 ɗin nan ka je kana gwada shi da darajar da ke takardar duwan. Can ana ƙara kuɗin dako da inshora kafin a yanke haraji, dole ta fi. Ka ce wa taransiterinka ya nuna maka kuɗin kaya daban, dako daban, inshora daban, da canjin da aka ɗora wa kowanne, sai ka ninka su da kanka ɗaya bayan ɗaya.