Alhaji ya ce in mayar masa da sanarwar ɗaukar ma'aikata zuwa Hausa

"Jama'a a taimaka. Alhajin da nake yi wa aiki a injin casar shinkafa a wajen Kura yana neman magatakarda da mai gadi. Ɗansa ya rubuto sanarwar da Turanci, an ce in mayar Hausa. Na fassara, amma in na karanta sai in ji kamar sammacin kotu. Yaya zan yi?"

Wayyo ɗan'uwa, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni ma haka aka miƙo min takarda shekara uku da suka wuce, a wani sito na riɗi da zoɓo a ƙasar Taura, na bi ta layi-layi don a ce na iya Turanci. Inda suka rubuta cewa ana karɓar takardun masu neman aiki, na sa "ana gayyatar 'yan takara da suka cancanta". Ladan ya karanta bayan sallar Juma'a. Washegari Asabar mutum ya fi arba'in a ƙofar sito, alhali mutum biyu ake so. Ai gayyata aka ce, wa zai ƙi amsawa? Wani dattijo har tambayata ya yi takarar me Alhaji zai tsaya.

Abin da har yau yake ci min rai shi ne manajan, wanda shi ya rubuta Turancin, na kuma nuna masa fassarar ya ce ta yi. Da Alhaji ya fito ya ga cincirindo, sai manajan ya nuna ni da baki ya ce, "Alhaji, aikin yaron nan ne." A gaban kawuna, wanda ya baro gonarsa ya biya kuɗin mashin ya zo. Manajan ko kallona bai yi ba. Daga aljihuna na biya wa mutum uku kuɗin komawa, manajan nan bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Allah ya isa dai ban ce ba, amma na kusa.

To ka ajiye takardar Turancin gefe. Ka je ka tambayi Alhaji da baki: mutum nawa, wane aiki, ina za a zo, yaushe, wa za a gani. Abin da ya faɗa maka shi za ka rubuta. "Ɗan takara" kuwa na siyasa ne, ka ce "mai neman aiki" ko "mai sha'awa".

Ka kula da maganar kuɗi sosai. Albashi na wata ne. In kullum za a sallami mutum, ka ce kuɗin yini, in kan buhu ne ka ce jinga ce. Ka sa albashi a aikin yini, ranar biya za a yi rigima, kuma kai za a nema. Wannan "dole" da Turancin ke maimaitawa ma ka rage ta, domin a Hausa umarni ce ga wanda bai ma fara cin abincinka ba. "Ana so ya iya lissafi" ta wadatar, kowa ya gane sharaɗi ne.

Ga yadda na gyara tawa daga baya, ka canja abin da ya shafe ku:

"Assalamu alaikum. Alhaji mai sito yana gaishe ku. Yana sanar da jama'a cewa yana neman mutum biyu, magatakarda ɗaya da mai gadin dare ɗaya. Magatakarda ana so ya iya karatun boko da lissafin buhu. Biya duk ƙarshen wata ne, za a yi magana idan an haɗu. Mai sha'awa ya kawo sunansa da lambar waya ofishin sito kafin la'asar ɗin ranar Asabar, da sunan wanda zai tsaya masa, ko mai unguwa ko liman. Wanda aka dace da shi za a kira shi, wanda bai ji kira ba ya yi haƙuri, Allah ya ba shi mafi alheri."

Ka ga jimlar ƙarshen? A Turanci cewa suke waɗanda aka zaɓa kaɗai za a tuntuɓa, shi ke nan. A ƙauye wanda ba a ɗauka ba gobe sahu ɗaya zai tsaya da Alhaji, ba a barinsa haka babu haƙuri. Kuma ka faɗi sunan rana, kada ka tsaya a kwanan wata kawai. Mu da farko Lahadi muka sa, sai mai gadi ya tuna min ranar kasuwar Gujungu ce, ba za ka sami kowa a gari ba.

Kafin ka kai wa Alhaji, ka karanta wa wata tsohuwa a gidanku da ƙarfi, ka ce ta faɗa maka abin da ta ji. Sannan don Allah ka sa ɗan nasa ya saurara a gaban mahaifinsa, ya ce ya yarda, da shaida a wurin.