Ciniki ya zo a hoto: yadda za ka fitar da lissafinsa

"Assalamu alaikum. Kawuna yana da shagon dabino a Misfala, nan Makka. Yaron shago ya turo min hoton teburin cinikin kwana tara daga kwamfutarsa, kawu kuma yana son sanin matsakaicin cinikin rana da ranar da ta fita daban. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, sake kiran yaron ka ce ya turo maka fayil ɗin kansa. Idan ya samu, rabin wahalar ta ƙare. Idan kuma hoton ne kaɗai, to ga yadda nake yi wa 'yan kasuwarmu.

Yanke hoton, ka bar teburin kawai. A Excel na Microsoft 365 ka shiga Data, sai From Picture, ka zaɓi hoton. Zai nuna maka gidajen da yake shakka a kansu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka danna Insert Data. Amma layi tara ne fa. Ni da hannu zan buga, musamman idan lambobin na Larabci ne, domin sifilin Larabci ɗigo ne kawai (٠), biyar kuma (٥) kamar sifilin boko take, kuma a nan na'ura ta fi yin tuntuɓe.

Kwanan wata a A, kuɗi a B, rana ɗaya layi ɗaya. Kada ka rubuta "riyal" a cikin gidan kuɗi, ka sa shi a kan teburin. Layin jimla kuma ka fitar da shi gefe, kada ya shiga lissafi a matsayin rana ta goma. Sai ka gwada:

```
=COUNT(B2:B10)
=SUM(B2:B10)
```

Na farko dole ya ba ka 9. Idan 8 ya bayar, akwai lambar da ta shigo a matsayin rubutu, kuma AVERAGE, mai fitar da matsakaici, zai tsallake ta bai gaya maka ba. Na biyu ka kwatanta shi da jimlar da ke cikin hoton. Wannan gwajin na fi ba wa muhimmanci a duk aikin, domin shi kaɗai ke kama ƙaramin kuskure, kamar 450 ta koma 480, wanda babu dabarar da za ta gan shi a matsayin baƙo.

A ce ga abin da ya fito, na jera shi daga ƙasa zuwa sama: 410, 430, 450, 460, 480, 500, 520, 540, 4900. AVERAGE zai ce riyal 965.6 a rana, alhali kwana takwas cikin tara ko 550 ba su kai ba. MEDIAN, wato lambar da ke tsakiyar jerin, zai ce 480. Duk sanda ka ga waɗannan biyun sun yi wa juna nisa haka, akwai lambar da ke jan matsakaicin.

Don kamo ta, sa layi na farko a E1, na biyu a E2, na uku a C2, ka ja shi har C10:

```
=QUARTILE.INC(B2:B10,1)
=QUARTILE.INC(B2:B10,3)
=IF(OR(B2<$E$1-1.5*($E$2-$E$1),B2>$E$2+1.5*($E$2-$E$1)),"duba","")
```

E1 zai ba da 450, E2 ya ba da 520. Tazararsu 70, ninki ɗaya da rabi 105 ke nan. Saboda haka duk abin da ya gaza 345 ko ya haura 625 za a rubuta masa "duba", kuma 4900 ce kaɗai za ta faɗa. Idan Excel ɗinka ya ƙi karɓa, canza kowane waƙafi zuwa alamar ; domin saitin wasu kwamfutoci haka yake so.

Wani zai ce maka ka yi amfani da STDEV, wato ma'aunin yadda lambobi suka yi nisa da matsakaici, ka ware abin da nisansa ya wuce ninkinsa uku. Da layi tara ba zai taɓa kama komai ba, domin babbar lambar ita ce ke kumbura ma'aunin da za a auna ta da shi.

Yanzu kada ka goge ta. Koma hoton ka buɗa shi sosai. Idan 490.0 ce ɗigon ya ɓace, gyara, matsakaici ya dawo 475.6. Idan kuma da gaske 4900 ce, tambayi yaron: wataƙila ayarin masu Umara ne suka kwashi katan-katan na ajwa ranar. Wannan ciniki ne na gaskiya, sai ka kai wa kawu lamba biyu, da ita da kuma ba ita:

```
=AVERAGEIF(C2:C10,"<>duba",B2:B10)
```

Wannan zai ba da 473.75. Kuma in teburin ya ƙara tsawo nan gaba, kada ka cakuɗa goman ƙarshe na azumi ko kwanakin Hajji da sauran ranakun shekara. Kowanne ka yi masa nasa lissafin, in ba haka ba ranakun da kasuwa ta fi ci duk za su fito da "duba".