Gahawata tana tsami kuma tana ɗaci, suyar ce ko ƙwayar?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan gida. Na sayi ɗanyen kofi na Habasha na soya a kasko. Idan na sauke da wuri tsami kamar lemon tsami, idan na bar shi ya yi baƙi ɗaci kamar maɗaci. Na jiya kuma ya haɗa biyun, ga shi tsararo kamar ruwa. Don Allah a ina ake tsayawa?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi da na karanta maganarki ta ƙarshen nan, sai da raina ya sosu, domin irin wannan gahawar ce ta taɓa jawo mini kunyar da har yau ban manta ba.

Kin san ina haɗa gahawa da shayi a wajen walima. Akwai wani mutum da nake saro soyayyen kofi a wajensa, mun daɗe tare, har gaisuwar iyali muna yi. Aka ba ni aikin wata walima a Fagge, masu gidan mutane ne da suka zauna Saudiyya, sun san gahawa fiye da ni. Na gaya masa haka da bakina. Ya kawo mini kaya baƙi wuluk yana sheƙi, ya ce wannan shi ne mai ƙarfi, shi manya suke sha. A gaban baƙi uwargidan ta kurɓa, ta ajiye kofin, ba ta ce komai ba, sai ta sa yarinya ta kwashe filas ɗin duka ta mayar kicin. Da ma faɗa ta yi mini da ya fi sauƙi. Ina tsaye ina jin mata suna tambayar wa ya haɗa wannan. Kuɗina an ba ni cif, amma gidan nan ba su sake kirana ba, kuma danginsu da yawa ta hanyarsu na samu. Da na koma wajen mutumin, ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi ban iya dafawa ba, wai mata ba su san kofi ba. Daga baya yaronsa ya faɗa mini gaskiya: kayan sun ƙare, sai ya zuba ɗanye a wuta mai ƙarfi ya ƙona shi cikin 'yan mintuna don kada cinikin ya wuce shi. Mutumin da na yarda da shi! Na bar shi da Allah, amma ko hanyar shagonsa ba na bi.

To abin da ya yi mini da gangan, shi kaskonki ya yi miki jiya. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya daga na jiyan ki fasa ta da taɓarya, ki duba cikin. Ina da yaƙinin za ki ga bayan baƙi ne, cikin kuma ya fi haske sosai, wataƙila har ruwan ɗorawa. Wuta ta yi yawa, baya ya ƙone ya ba ki ɗaci da ƙauri, ciki bai nuna ba ya ba ki tsami da bauri da ɗanɗanon ɗanyen ganye. Shi ya sa ba shi da nauyi a baki, don cikin da bai nuna ba ba ya sakin abin da ke cikinsa a ruwa. Kamar gyaɗa ce da aka soya ba yashi, baya ya babbake, ciki ɗanye. Kar ki yarda da launin baya shi kaɗai, yana yaudara.

Shi tsami ba suya ce take kawo yawancinsa ba, da shi ƙwayar ta zo. Ɗanyen kofi yana ɗauke da irin tsamin da ke cikin lemo da irin na tuffa, kuma na Habasha da ake nomawa a kan tsaunuka ya shahara da wannan. Zafi yana cinye tsamin nan sannu a hankali. Idan kin sauke da wuri yana nan da ƙarfinsa, idan kin matsa gaba yana raguwa, idan ya yi baƙi ya kusan ɓacewa. Sai dai tsami iri biyu ne, kuma ki koyi bambanta su. Akwai mai daɗi, mai tafe da ɗan zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, wanda saboda shi ake biyan kuɗin na Habasha. Akwai kuma mai kaifi da yake kama gefen harshe ya bar baki a bushe, wannan na ƙwayar da ba ta nuna ba ne.

Ɗaci kuma yawancinsa wuta ce take haifar da shi. Mutane suna cewa kafeyin ne, shi ya sa suke ɗauka baƙi ya fi hana barci. Kafeyin ɗan kaso kaɗan ne na ɗacin, kuma suya ba ta canja yawansa sosai. Akwai wani sinadari a ɗanyen kofi da ake kira kilorojenik. Idan ya ji wuta yana rushewa, da farko ya ba da ɗaci mai laushi, wanda shi ne ɗanɗanon kofi da muka sani. Idan aka ci gaba da wuta sai ya sake rikiɗewa zuwa ɗaci mai tsauri da yake maƙalewa a maƙogwaro. Sukarin da ke cikin ƙwayar ma ya ƙone a lokacin, ba sauran zaƙin da zai rufe shi. Sai dai manyan nau'o'in kofi biyu ne, Arabika da Robusta. Idan Robusta aka sayar miki, wannan ko ya kika soya shi zai yi ɗaci, kafeyin ɗinsa ya kai ninki biyu na Arabika. Ki duba ƙwayar: Arabika doguwa ce, tsagarta a karkace, Robusta ƙarama ce mai kama da da'ira, tsagarta a miƙe.

A ina ake tsayawa? Da kunne ake tsayawa. Ki rage wuta, ki yi amfani da kasko mai kauri, kar ki cika shi, kar hannunki ya bar juyawa. Ƙwayar za ta tashi daga kore zuwa ruwan ɗorawa, sannan ruwan ƙasa, ɓawonta mai laushi yana tashi. Wajen minti 8 zuwa 10 za ki ji ta fara fashewa ƙas-ƙas da ƙarfi. Wannan ita ce fashewar farko, masu injin suya suna ganinta kusa da digiri 196 a ma'aunin Salsiyos. Duk abin da kika sauke kafin wannan ƙarar bai nuna ba, in dai irin kofin da ake tacewa kike so. Idan fashewar ta zo miki a minti 4 ko 5, wutarki ta yi yawa, irin na jiya za ki sake samu. Idan kuma kin wuce minti 20 ba ki ji ta ba, wutar ta yi kaɗan, zai fito lami, ba tsami ba zaƙi.

Daga fashewar farko abin yake gudu. Sauke shi tana ƙarewa, kin sami suya mai haske: tsami a gaba, ƙamshi sosai, ɗaci kaɗan, ruwan ba nauyi, kusan kamar shayi. Ƙara minti ɗaya zuwa biyu cikin shirun da ke biyo baya, kin sami matsakaiciya: tsamin ya kwanta, zaƙi ya fito, ruwan ya fara cika baki. Idan kika ci gaba, wajen digiri 224 za ki ji fashewa ta biyu, ƙaramar ƙara ce mai sauri, hayaƙi ya ƙaru, mai ya fara tsattsafowa a bayan ƙwayar. Nan baƙar suya ta fara. Nauyin da kike nema a baki yana ƙaruwa ne har zuwa bakin wannan fashewar. Da an zarce ta sosai sai ya koma baya, ƙwayar ta zama gawayi, ruwan ya tsinke, ba abin da ya rage sai ɗaci da toka. Wannan ne mutumin can bai sani ba ko bai damu ba, shi a wajensa duk abin da ya fi baƙi ya fi ƙarfi.

Ga abin da nake so ki yi, kuma sikelin kicin ya ishe ki. Auna giram 100 sau uku, ki soya kowanne daban a wuta iri ɗaya. Na farko ki sauke a ƙarshen fashewar farko, na biyu bayan minti ɗaya da rabi, na uku da zarar kin ji fashewa ta biyu. Kowanne ki juye a faranti nan take ki yi masa fifita, domin idan kika bar shi a kasko yana ci gaba da soyuwa. Sai ki sake aunawa. Na farko zai dawo wajen giram 87, na biyu wajen 85, na uku 82 ko ƙasa da haka. Idan kin ga ƙwaya ta yi baƙi amma sikeli yana nuna 89 ko 90, baya ne kawai ya ƙone. Ki bar su kwana biyu ko uku su huce, sabon suya yana cike da iska, ba ya ba da ɗanɗanonsa na gaskiya. Sannan ki niƙa su laushi ɗaya, giram 15 a ruwa mililita 250, ki jera kofi uku ba sukari. Kar ki yanke hukunci da zafinsa. Ki jira ya yi ɗumi, a nan tsami da zaƙi suke bayyana. Ni dai a kan na Habasha na biyun nake tsayawa, kuma ina ganin asarar kuɗi ce a kai shi fashewa ta biyu, don duk abin da ya bambanta shi da na ko'ina ya ƙone.

Kafin ki zubar da waɗanda kika riga kika soya, dafawa ma tana gyara wani abu. Mai hasken ki niƙa shi da laushi, ki zuba ruwa yana saukowa daga tafasa, ki ƙara masa lokaci, tsamin zai ragu. Baƙin kuma ki bar garin da ɗan tsakitsaki, ki bar ruwan ya sha iska minti ɗaya ko biyu, ki tace da wuri. Idan da madara za a sha, baƙin ya fi tsayawa, mai haske ɓacewa yake. Idan citta za ki sa irin ta mutanen Sudan, nan ma baƙin ya fi dacewa. Ita kuwa gahawar Saudiyya da alhazai suke ba da labari, mai ruwan ɗorawa, da gangan ake yi mata suya mai haske ƙwarai, a tafasa ta a hankali da kadamon, a sha da dabino. Irinta mutanen Fagge ɗin nan suke jira, aka kawo mini gawayi. Har yanzu idan na tuna fuskar matar nan sai in ji ba daɗi.

Sannan don Allah kar ki sayi niƙaƙƙe a hannun wanda ba ki ga suyarsa ba, a gari ake ɓoye komai. Baƙi mai maiƙo kuma kar ki tara shi da yawa, da zafin nan namu na bazara man da ke bayansa yana saurin lalacewa, sai ki ji yana warin tsohon mai. Ki soya na mako ɗaya ko biyu, ki sa a kwalba mai murfi nesa da murhu. Ruwa ma ki lura da shi, wani ruwan rijiyar yana danne tsami ya sa kofi ya yi lami, don haka duka ukun ki yi su da ruwa iri ɗaya.

Ki fasa ta jiyan ki turo mana hoton cikinta, ki kuma faɗa mini a minti nawa kika ji ƙarar farko da irin kaskon da kike amfani da shi. Idan na gwangwani ne marar kauri, shi za mu fara canjawa.