Kayan Ajiyar Sayarwa: Na Wa Ne a Lissafi?

Tambaya: "Wani dila ya ajiye mini atamfa turmi 100 a shagona, in sayar in cire la'adata. Shin zan sa su cikin ƙidayar kayana ta ƙarshen shekara?"

A'a, domin mallakar kayan tana hannun dilan har ranar da aka sayar, kuma shi ne zai rubuta ragowar a littafinsa bisa kuɗin da ya saye su, haɗe da kuɗin dakon kawo su. Idan ka sayar da turmi 60 a kan naira 10,000 kowanne, la'adarka kuma kashi 5 cikin ɗari ce, kuɗin shigarka naira 30,000 ne kawai, sauran naira 570,000 bashi ne a kanka har sai ka miƙa masa.

Ranar ƙidaya, ka ware kayansa a kanta daban, ka ƙirga su a takarda daban. Ya kamata ka tarar da turmi 40. Idan 38 ka gani, ka binciki rasit ɗinka kafin ka aika masa da rahoto.