Da wane kaso zan auna ribar sabon inji?

"Malam, ina da masana'antar casar shinkafa a hanyar Kalambaina. Zan sayi injin naira miliyan 100 wanda zai riƙa kawo miliyan 35 duk shekara har shekara 5. Akantana ya zaftare kuɗin gaba da kashi 10 cikin ɗari, ya ce a saya. In yarda?"

Alhaji, kada ka yarda tukuna. A wane bankin kasuwanci na ƙasar nan ake ba mai masana'anta bashi a kashi 10, alhali a ƙarshen 2024 Babban Banki kansa ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5? Kason da za ka zaftare da shi duk shekara, don ka san darajar kuɗin gaba a yau, daga tsadar jarinka gaba ɗaya zai fito, wato WACC.

Mu ɗauka kashi 40 na jarin bashin banki ne a kan ruwa kashi 30. Da yake ana cire ruwan bashi kafin a lissafa haraji, in harajinka kashi 30 ne, tsadar bashin ta dawo 21. Amma fa sai kamfanin yana cin riba yana biyan harajin. In ba haka ba, 30 ɗin tana nan daram.

Sauran kashi 60 kuɗinka ne, kuma a nan mutanenmu ke ba ni haushi. Kullum sai ka ji an ce, "Ai kuɗina ne, ba ruwa a kansa." Ina! Ranar da kamfani ya durƙushe, banki ake fara biya, kai sai abin da ya rage. Tsadar kuɗinka kuwa dole ta fi ta banki, mu ce 35. Kuma da darajar masana'antar a yau za ka auna rabon bashi da kuɗinka, ba da abin da ka kashe sanda ka gina ta ba. Ga yadda za a haɗa su a fitar da WACC ɗin:

```
0.6 × 35 + 0.4 × 21 = 29.4
```

A kashi 10, kuɗin shekaru biyar ɗin sun kai kusan miliyan 133 a yau. A kashi 29.4 kuwa, miliyan 86 ne kacal, ba su ma biya injin ba. Sai dai ka tambayi akantan: miliyan 35 ɗin nan da farashin yau aka lissafa ta? In haka ne, a sa hauhawar farashin shinkafa, dizal da albashi shekara bayan shekara a sake lissafi, domin 29.4 tana ɗauke da hauhawar a cikinta.

Wata Hajiya kuma ta tambaya: "Ni ba na cin bashi da ruwa, ta bankin Musulunci na sayi injina. Lissafin ya shafe ni? Abin na damuna."

Kwantar da hankalinki, Hajiya, ya shafe ki amma ba wuya. Ribar da bankin ya ɗora a cinikin murabaha, ki sa a mayar da ita kason shekara bisa yadda kike biya a hankali, sai ki ajiye ta a gurbin ruwan bashin.