Koren kyandir ya wuce ni

Wani ya tambaye ni: "Na ga wani koin na kirifto ya tashi kashi 40 cikin dare ɗaya, hannuna na ƙaiƙayi. In shiga ne?"

Ɗan'uwa, kar ka taɓa shi yau. Ni ma a Garwa na taɓa zuba sefa dubu 100 a saman dogon koren kyandir, wato alamar da ke nuna farashi ya hau sosai a jadawalin kasuwa, kafin la'asar farashi ya zube kashi 30, saura dubu 70, kuma dole sai ya tashi kusan kashi 43 kafin uwar kuɗina ta dawo, wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. Waɗanda suka saya tun a ƙasa, a kanka suke sauke kaya.

Yanzu dokata: in kyandir ɗin awa 4, wato mai nuna motsin farashi na awa 4, bai rufe ba, ba na saya. Ina jira farashi ya ja baya ya zauna a matakin da ya fasa ya haura, sannan in rubuta farashin da zan fita in ya juya, asarar kar ta wuce kashi 2 na jarina. In bai dawo ba, ya tafi abinsa.